Idan madogara ɗaya ta nutse: rabon momen na Hardy Cross ko wata hanyar?

Bim mai zango ɗaya da ke zaune a kan madogara biyu bai damu da nutsewar ƙasa ba. In gefe ɗaya ya sauka, bim ɗin zai ɗan karkata ne kawai, ƙarfin da ke lanƙwasa shi, wato momen, yana nan yadda yake. Amma bim ɗin da ya ratsa madogara uku ko huɗu a jere ba shi da wannan sauƙin. Da zarar ta tsakiya ta sauka ko da milimita goma ne, dole bim ya lanƙwasa ya bi ta, nauyin da ta saki kuma ya koma kan maƙwabtanta. Ana cin karo da haka a ginin da wani ɓangarensa ya hau tsohon kududdufin da aka cike, ko a kan baƙar lakar nan ta arewa maso gabashin Najeriya mai kumbura da damina, ta tsuke da rani.

Mai lissafi yana da hanyoyi huɗu a gabansa: rabon momen da Hardy Cross na Jami'ar Illinois ya wallafa a 1930, hanyar juyi da karkata da ɗalibai ke kira sulof-difilekshan, wadda George Maney ya fitar a 1915, lissafin momen uku na Clapeyron tun daga 1857, sai kuma manhajar kwamfuta. In an yi su daidai, amsa ɗaya duk za su bayar. Inda suka bambanta shi ne irin wahalar da kowacce ke sha, irin kuskuren da take ɓoyewa, da kuma abin da take nuna maka a kan hanya. Don haka gara a ɗora su duka a kan bim ɗaya a gani.

Ga bim ɗin. Madogara huɗu ne, A, B, C da D. Zangon AB mita 6, BC mita 8, CD mita 6. A da D sakakku ne, bim na iya juyawa a kansu ba tare da turjiya ba. Ƙarfe ne mai E = 200 × 10⁶ kN/m² da I = 3 × 10⁻⁴ m⁴, wato EI = 60,000 kNm². E taurin ƙarfen ne, I ma'aunin siffar jikin bim, EI kuma turjiyar da bim ke yi wa lanƙwasa. Yana ɗauke da nauyin 18 kN/m daga farko har ƙarshe. Sai B ta nutse da milimita 12, sauran ukun ba su motsa ba. Milimita 12 a zangon mita 6 karkata ce ta 1 cikin 500, wadda ita ce iyakar da Eurocode 7, ƙa'idar Turai ta zanen harsashin gini, ke ganin gine-gine da yawa za su iya jurewa. Ke nan ba wani mummunan al'amari muka ƙirƙiro ba, nutsewa ce da mai binciken ƙasa zai iya rubutawa a rahotonsa ba tare da ya ɗaga murya ba.

Yadda rabon momen ke tafiya

Dabarar Cross ita ce a kulle duk gaɓoɓin da farko, a hana su juyawa, a ƙirga momen da kullewar ta haifar, sannan a riƙa buɗe gaɓa ɗaya bayan ɗaya ana raba abin da ya yi saura tsakanin zangunan da suka haɗu a wurin, ana kuma miƙa rabin abin da zango ya karɓa zuwa ɗaya ƙarshensa in a kulle yake. Nutsewa ba ta canja komai a wannan tsarin. Ba ta taɓa taurin zango, ba ta taɓa kason rabo, ba ta taɓa rabin da ake miƙa wa ɗaya ƙarshen. Layi ɗaya tak take shiga, layin farko na momen kulle. Wannan shi ne babban abin da ya sa hanyar ta dace da wannan matsalar.

Taurin zangon da ƙarshensa na nesa ke kulle 4EI/L ne, wanda ƙarshensa ke sake kuma 3EI/L, inda L ke nufin tsawon zango. A gaɓar B, zangon BA yana da 3EI/6, BC kuma 4EI/8, duka biyun rabin EI ke nan. Saboda haka kason kowanne 0.5 ne, haka ma a gaɓar C. Da gangan na zaɓi tsawon zangunan don rabon ya fito raba-daidai, hankalin mai karatu ya tafi kan nutsewar, ba kan ɗigon lamba ba.

Zangon da ƙarshensa biyu ke kulle, in ɗaya ya sauka da Δ, kowane ƙarshe yana samun momen 6EIΔ/L². In ƙarshen nesa sakakke ne, ƙarshen da ke kulle kaɗai ke samun 3EIΔ/L². A kula, L a nan an ninka ta da kanta ne, don haka gajeren zango ya fi jin nutsewa nesa ba kusa ba. A bim ɗinmu, BA yana samun 3 × 60,000 × 0.012 / 36 = 60 kNm, BC da CB kowanne 6 × 60,000 × 0.012 / 64 = 67.5 kNm. CD ba ya samun komai, tunda C da D ba su motsa ba.

Sai alama, kuma a nan ne mutane suka fi faɗuwa. Mu ɗauka momen da ke bin hannun agogo a ƙarshen zango shi ne mai alamar ƙari. Kada a haddace wane ƙarshe ne ya sauka. A ja layi miƙaƙƙe daga madogara zuwa madogara bayan nutsewar, a duba ina layin ya juya. A zangon AB ƙarshen dama ne ya sauka, layin ya bi hannun agogo, momen kullen kuwa saɓa masa yake yi, don haka alamar ragi ce: −60. A zangon BC ƙarshen hagu ne ya sauka, layin ya saɓa wa agogo, momen ya zama +67.5 a ƙarshen biyu. Abu biyu ke nan da ido zai iya dubawa nan take. A cikin zango ɗaya momen nutsewa alamarsu ɗaya ce, ba kamar na nauyi ba da suke kishiyar juna. Zanguna biyun da ke gefen madogarar da ta nutse kuwa dole alamarsu ta saɓa.

Ga rabon nutsewar ita kaɗai, ba nauyi a ciki. An fara buɗe C domin a can saura ya fi yawa.

```
           BA       BC       CB       CD
kaso      0.5      0.5      0.5      0.5
kulle   -60.00   +67.50   +67.50     0.00
rabo C                    -33.75   -33.75
miƙi             -16.88
rabo B   +4.69    +4.69
miƙi                       +2.34
rabo C                     -1.17    -1.17
miƙi              -0.59
rabo B   +0.29    +0.29
miƙi                       +0.15
rabo C                     -0.07    -0.07
jimla    -55.0    +55.0    +35.0    -35.0
```

Kowane zagaye yana rage saura sau goma sha shida a wannan bim, shi ya sa zagaye biyu da rabi suka isa. Sakamakon yana cewa nutsewar ta sa wa B momen 55 kNm mai lotsa bim ƙasa, ta sa wa C momen 35 kNm mai yi masa doro.

Nauyin shi kaɗai ya fi sauƙi. In w shi ne nauyin 18 kN/m ɗin nan, momen kulle na BA shi ne wL²/8 = 81, na BC kuma wL²/12 = 96, in aka raba sai B da C kowacce ta tashi da doron 91 kNm. A haɗa biyun. A B, 91 a cire 55, saura 36. A C, 91 a ƙara 35, ya zama 126.

Yanzu a dubi abin da ya faru da bim ɗin. Madogarar da ta nutse sauƙi ta samu. Wadda ta sha wuya ita ce C da ba ta motsa ba, momen kanta ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari. Akwai ma wurin da ya fi ta shan wuya, cikin zangon AB, inda momen lotsawa ya tashi daga kusan 42 zuwa 64 kNm, ƙarin fiye da rabi. Nauyin da B ke ɗauka ya sauka daga 141 zuwa 121 kN, na A ya hau daga 39 zuwa 48, na C daga 141 zuwa 158, na D kuma ya ragu daga 39 zuwa 33. Duk wanda ya je duba gini ya tsaya yana neman tsaga a kan filar da ta nutse kaɗai, zai iya wuce ta sama da ke kan filar maƙwabciya bai gani ba.

A haɗa ko a raba?

Kafin a kai ga sauran hanyoyin, akwai zaɓi a cikin ita kanta hanyar Cross. Littattafan koyarwa da yawa suna haɗa momen kulle na nauyi da na nutsewa tun a layin farko, a yi tebur ɗaya. A misalinmu layin zai zama +21, −28.5, +163.5 da −81, ya kuma kai ka ga 36 da 126 ɗin nan. A ɗakin jarrabawa haka ya fi, tebur ɗaya ya fi biyu saurin gamawa.

A wurin aiki kuwa ni dai ina ganin raba su ya fi, kuma dalilin yana da nauyi. Momen da nauyi ke haifarwa bai dogara da girman EI ba, ya dogara ne da yadda taurin wannan zango yake in an gwada da na wancan. Ko ka ninka EI sau goma, 91 na nan a 91. Momen nutsewa kuwa kai tsaye yake bin EI, kai tsaye yake bin Δ, kuma waɗannan biyun su ne lambobin da aka fi rashin tabbas a kansu a duk lissafin. Mai binciken ƙasa na iya dawowa gobe ya ce ba 12 ba ne, 18 ne. Mai tebur a rabe zai ninka 55 da 35 sau ɗaya da rabi ya wuce. Mai tebur a haɗe sai ya sake daga farko.

Teburin da aka raba yana kuma amsa tambayoyin da ba a yi ba tukuna. Milimita nawa B za ta sauka kafin doron kanta ya ƙare gaba ɗaya? Kowace milimita tana cin 55/12, wato kusan 4.6 kNm, don haka 91 zai ƙare a wajen milimita 20. Daga nan momen ya juya, ƙasan bim ne ke shan ja a kan madogara. Ga ƙarfe wannan ba wani abu ba ne. Ga kankare kuwa magana ce babba, domin a kan fila rodin sama ne mai yawa, na ƙasa kaɗan ne, kuma sau da yawa a nan ake haɗa bakinsu.

Juyi da karkata

Wannan hanyar tana rubuta momen kowane ƙarshe da juyin gaɓoɓi, θ, a matsayin abin da ba a sani ba. Asalinta shi ne M = (2EI/L)(2θ₁ + θ₂ − 3ψ) a ƙara momen kulle na nauyi, inda ψ = Δ/L take nufin juyin layin nan da muka ja tsakanin madogarai. In aka sa θ duka sifili, abin da ya rage shi ne −6EIΔ/L². Ke nan momen kullen da muka zuba a teburin Cross daga nan ya fito, kuma rabon momen ba komai ba ne illa warware waɗannan lissafan a hankali, zagaye bayan zagaye.

A bim ɗinmu, daidaiton gaɓar B da ta C yana ba da layi biyu:

```
60000θB + 15000θC = -7.5
15000θB + 60000θC = -67.5
```

Daga nan θB = +0.000167, θC = −0.001167, a ma'aunin radiyan. In aka mayar da su, 55 da 35 za su fito cif, ba ɗigon saura.

Amfaninta biyu ne. Na farko, alama ba ta hannunka sosai. Da zarar ka ba ψ alamarta daidai, lissafin ne ke ɗaukar sauran. Na biyu, tana ba ka juyin gaɓoɓi kai tsaye, abin da ake buƙata in ana son sanin yadda bim zai lanƙwasa a tsakiyar zango ko yadda abin da ke zaune a kansa zai karkata. Matsalarta kuwa tana ƙaruwa da yawan gaɓoɓi. Biyu ba komai, uku ma a daure, amma bim mai zango shida da hannu aiki ne mai cin rai, kuma kuskure ɗaya a tsakiyar warwarewa ba ya nuna kansa sai an kai ƙarshe. Lambobin ma ba sa yi wa ido magana. In ka ga 0.000167 ba za ka ji a jikinka ko daidai ne ko an yi kuskure sau goma ba. A teburin Cross kuwa kowace lamba momen ce, wanda ya saba da bim zai gane in ta yi girma fiye da kima.

Momen uku

Ga bim irin namu, mai EI ɗaya da ƙarshe biyu sakakku, babu hanyar da ta kai ta Clapeyron gajarta. Abin da ba a sani ba shi ne momen kan madogara da kansa. In aka ɗauki lotsawa a matsayin ƙari, nutsewa tana shiga gefen dama a matsayin 6EI(δ₁/L₁ + δ₂/L₂), inda δ ke nufin yadda madogarar tsakiya ta yi ƙasa da maƙwabciyarta ta hagu da ta dama. A B, ta yi ƙasa da duka biyun. A C kuwa, ita ce ke sama da B, don haka alamar ta juya.

```
28MB +  8MC = +1260
 8MB + 28MC = -540
```

Amsa MB = +55, MC = −35. Layi biyu, an gama.

To me ya hana a ce ita ce zaɓi? Ta cika tsayawa a kan bim zalla. In ƙarshe ɗaya kulle ne, sai an ƙirƙiro zangon bogi mai tsawon sifili. In bim ɗin a haɗe yake da filoli, kamar yadda yake a kusan kowane ginin kankare, hanyar ba ta da wurin sa taurin filar. A teburin Cross kuwa fila ƙarin shafi ce kawai, ta karɓi kasonta a gaɓa. Sannan littattafai sun sha bamban a kan alamar: wani doro ne ƙari a wurinsa, wani lotsawa, wani δ sama yake aunawa, wani ƙasa. Wanda ya kwafi ƙa'idar daga wani littafi ya ɗauki alamar daga wani, zai sami amsar madogarar da ta tashi sama alhali nutsewa ta yi.

Amma akwai aikin da ita kaɗai ke yi da kyau, aikin mai binciken lissafi. Dalili kuwa shi ne akwai kuskuren da teburin Cross ke haɗiyewa ba tare da ya nuna ba. A ce mutum ya yi amfani da taurin 3EI/L a zangon BA, daidai ne, amma ya sa momen kulle na 6EIΔ/L², wato −120 maimakon −60, bai kuma buɗe A ba. Teburin zai tafi lafiya lau. Saura zai ragu, gaɓoɓi za su daidaita, jimlar nauyin madogarai za ta yi daidai, amsa kuwa ta fito 83 a B da 43 a C. Babu wani gwajin daidaiton ƙarfi da zai kama wannan, domin a bim mai madogarai fiye da kima kowace lamba ka sa a B da C za ta iya cika daidaiton ƙarfi. Abin da ya karye shi ne dacewar lanƙwasar da ainihin inda madogarai suke, kuma wannan ne layin Clapeyron ke gwadawa. Ka sa 83 da −43 a layin farko, za ka sami 1980, ba 1260 ba. Minti ɗaya ya isa.

Wanda ya fi son 6EIΔ/L² ko'ina yana iya yin haka, da sharaɗin ya sa −120 a AB da BA duka, ya buɗe A da +120, ya miƙa +60 zuwa B. Zai dawo kan −60 ɗin dai.

Sauran kura-kuran sun fi sauƙin kamawa. In an juya alamar duka, B za ta fito da 146, C da 56, nauyin B kuma ya ƙaru. Madogarar da ta nutse ba ta ƙara ɗaukar kaya, don haka ganin ƙari a wurin ya isa shaida. In an sa Δ a milimita alhali L na mita, momen zai fito dubbai. Gwaji na uku shi ne nauyin da nutsewa kaɗai ta motsa dole ya tashi sifili in an tara, tunda ba wani kaya aka ƙara ba. A namu, A ta ƙaru da 9.2, C da 17.1, B ta ragu da 20.4, D da 5.8, in aka tara sifili ne in ban da ɗigon da aka yanke.

Inda duk hanyoyin hannu suka tsaya

Manhaja irin su STAAD.Pro ko ETABS tana warware wannan da hanyar tauri, wadda jikar juyi da karkata ce. Ana ba madogara saukar da ake so a matsayin wani nau'in kaya, amsa ta fito. In zanguna sun yi yawa, ko madogarai da dama sun nutse kowacce da nata, ko ana son gwada jerin kaya iri-iri, babu gardama, ita ce. Haka kuma in nutsewar za ta sa firam ya karkata gefe, abin da a hanyar Cross sai an yi masa tebur na biyu.

Sai dai ainihin fifikonta yana wani wuri dabam. Duk lissafin da muka yi ya ɗauka milimita 12 ɗin nan a tsaye suke, ko me bim ya yi. A zahiri ba haka ba ne. Ƙasa tana sauka ne saboda nauyin da ke kanta, kuma mun ga B tana sakin nauyi yayin da take sauka, 20.4 kN a milimita 12, wato 1.7 kN a kowace milimita. In mai binciken ƙasa ya sami 12 ɗinsa ne da nauyin 141 kN, to ƙasar tana da taurin kusan 11.8 kN a milimita. A haɗa taurin ƙasa da na bim, a raba 141 da 13.5, saukar gaske ta zama kusan milimita 10.5, in sauran madogaran sun tsaya cik. Ga madogara ɗaya wannan gyaran ana yin sa da hannu, kamar yadda aka gani, kuma teburin da aka raba ne ya ba da lambar 1.7 ɗin. Amma in C ma tana kan ƙasa mai laushi, ƙarin 17 kN da ta karɓa zai saukar da ita, wannan kuma ya mayar wa B wani abu. A nan sai manhaja, a sa kowace madogara a kan sifirin.

A lura da bambanci ɗaya. In 12 ɗin aunawa aka yi da na'urar safiyo a ginin da ke tsaye, ba a yi mata wannan gyaran, ita ce saukar gaske. Abin da za a tabbatar kawai shi ne bambancin sauka ake sawa, ba jimlarta ba. In duk madogarai huɗun sun sauka da 12, momen nutsewa sifili ne. Haka in sun sauka a kan miƙaƙƙen layi ɗaya mai gangare, bim mai ƙarshe sakakku ba zai ji komai ba.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta magancewa, sai ma ta rufe shi: wane EI? A ce bim ɗinmu kankare ne mai faɗin milimita 300 da zurfin 600. In aka ɗauki jikinsa duka, I = 0.0054 m⁴, da E na 30 × 10⁶ kN/m², EI ya zama 162,000, ninkin na ƙarfen sau 2.7. Da nauyi iri ɗaya, doron 91 bai canja ba, amma momen nutsewa ya koma 148.5 a B da 94.5 a C. Wato B ta juya zuwa lotsawar 57.5, C kuma ta ninka ta wuce. Ƙara wa bim zurfi don ya jure nutsewa yana jawo masa ƙarin momen, tunda I yana bin zurfi sau zurfi sau zurfi ne.

To amma kankare ba ya riƙe wannan taurin. Yana tsagewa a gefen da ke shan ja, I ya ragu sosai, sau da yawa zuwa rabi ko ƙasa da haka. Nutsewar laka kuma tana ɗaukar watanni ko shekaru, a cikinsu kankaren yana saki a hankali ƙarƙashin kaya, momen da ya taru yana raguwa. Saboda haka lissafi da cikakken I da E na gajeren lokaci yana ba da iyakar sama ce, ba abin da bim zai gani ba. Manhaja, in ba ka gaya mata ba, yawanci cikakken jikin take ɗauka, ta ba ka amsa mai ɗigo uku. Mai teburin hannu shi ne ya rubuta EI da kansa a layin farko, ya san inda ya samo shi, kuma yana iya raba sakamakon biyu ya ga ko hukuncinsa zai canja.

Wace za a ɗauka

Ɗalibin da aka ba bim mai zango biyu ko uku a jarrabawa, ba a kuma faɗi hanya ba, ya duba ƙarshen bim ɗin. In sakakku ne kuma EI ɗaya ne, momen uku ta fi sauri. In akwai ƙarshe kulle, ko I ya bambanta daga zango zuwa zango, ko akwai fila, ya ɗauki rabon momen ya haɗa momen kullen a layi ɗaya. In tambayar ta nemi juyin gaɓa, juyi da karkata ce, ba sai an yi shawara ba.

Injiniyan da aka kira ya duba ginin da fila ɗaya ta zauna, ko mai duba zanen wani, rabon momen ya fi masa, nutsewa a teburinta dabam, a yi ta da milimita 10 ko ma 1 don ninkawa ta yi sauƙi, sannan a gwada amsar da layi ɗaya na Clapeyron in bim ɗin ya ba da dama. Wanda ke zana sabon gini a kan ƙasa mai laushi, inda kowane fandisho zai sauka gwargwadon kayansa, ya tafi manhaja da madogarai masu sifirin. Amma ya ware bim ɗaya daga ciki ya yi masa teburin Cross da EI ɗin da ya ba manhajar. In amsoshin biyu sun yi nisa da juna, wurare uku ne za a fara dubawa: alamar saukar, ma'aunin da aka shigar da ita, da kuma I ɗin da manhajar ta ɗauka.